Mijina yana shan maganin kuturta, amma jikinsa sai ƙara rikicewa yake yi

Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da aka gaya wa maigidana cewa tabbunan da ke bayansa da cinyarsa kuturta ce, an ƙirga guda takwas, aka ɗora shi kan magani na shekara guda. Tun da ya fara sha fatarsa ta yi duhu, kuma kwana goma ke nan tabbunan suka kumbura suka yi ja, gwiwar hannunsa na dama tana masa zugi, ƙaramin yatsansa ba ya ji sosai. Ya ce maganin ne ke ƙara masa ciwo, zai daina. Mahaifiyata kuma ta ce in kwaso yaran, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 3, in dawo gida, domin abin gado ne kuma yatsunsa za su gutsure. Na ware masa kwano da kofi, amma zuciyata ba ta yarda da abin da nake yi ba. Ina mafita?

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Zan fara da hannun nan, domin a duk abin da kika rubuto shi kaɗai ne ba zai jira ba. Ki kai maigidanki wurin da ake ba shi magani gobe, ko jibi idan ta ƙure. Kada ku tsaya jiran ranar karɓar maganin wata. Idan kun je, kada ku ce wai jiki ne ya rikice kawai. Ku faɗa musu ƙarara cewa jijiyar gwiwar hannu tana ciwo, yatsa ya fara mutuwa, kuma ku faɗi ranar da abin ya fara. Duk ma'aikacin da ya san wannan cuta, da jin haka zai ajiye abin da yake yi ya duba shi.

Abin da ke faruwa a jikinsa sananne ne, mun sha ganinsa, kuma ya fi zuwa a watannin farko na shan magani. Ƙwayar cutar da ke haddasa kuturta bakteriya ce mai son wuraren jiki masu ɗan sanyi, wato fata da cikin hanci da jijiyoyin da ke kusa da fata. Maganin da yake sha ya riga ya kashe mafi yawansu, amma gawarwakinsu suna nan kwance a cikin fata da jijiya, jiki ba ya iya share su da sauri, yakan ɗauki shekaru. Wani lokaci garkuwar jiki sai ta farka ta far wa waɗannan matattun ƙwayoyi da ƙarfi. Duk inda suke sai wurin ya kumbura. A fata, shi ne jan da kumburin da kike gani, kuma wannan ba ya tayar mini da hankali sosai. A cikin jijiya kuwa magana ta bambanta. Jijiya tana cikin kube ne mai tsauri, kuma a bayan gwiwar hannu tana bi ta wani ɗan lungu tsakanin ƙashi, wurin nan da idan mutum ya buge yake jin tsirr har ƙaramin yatsa. Idan ta kumbura a nan ba ta da inda za ta buɗa, sai ta matse kanta, jini ya ragu a cikinta, ta fara daina aiki. Wannan jijiyar ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ji, ita kuma ke motsa ƙananan tsokokin tafin hannu. Shi ya sa ciwon yake a gwiwa, mutuwar kuma take a yatsa.

Jijiyar da ta fara lalacewa kwanan nan tana iya farfaɗowa. A aikace, idan raunin bai wuce wata shida ba, akwai kyakkyawan fatan ji da ƙarfi su dawo, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon abin da ake cetowa. Idan ya wuce haka, sau da yawa abin da ya tafi ya tafi ke nan, yatsun su fara lanƙwashewa. Ku kwana goma kuke. Kuna da lokaci a hannu, amma kowane mako da ya wuce yana rage shi.

Maganin wannan kumburi daban yake da wanda yake sha yanzu. Ana ba da firedinisolon, wanda ke kwantar da garkuwar jiki. Ga babban mutum akan fara da kamar miligiram 40 a kullum da safe, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin mako 12 zuwa 20, gwargwadon yadda jijiyar ke amsawa. Na faɗi adadin ne don ki gane abin da za a ba shi, ba don ku saya da kanku ba. Wannan magani yana iya tayar da sukari da hawan jini, yana iya tono tarin fuka da ke kwance, don haka sai an bincika waɗannan kafin a fara, kuma akan ba da maganin tsutsar ciki tukuna. Haka kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Na ga mutanen da suka ji sauƙi bayan mako biyu suka ajiye, kumburin ya dawo ya fi na farko. Kafin ku isa asibiti, ya hutar da hannun, ya rataye shi da gyale a wuya, ya bar ɗaukar kaya masu nauyi, ya sha farasitamol don zugin.

Shi kuma wancan maganin na wata-wata, ina roƙonsa da babbar murya kada ya daina. Na san yadda abin yake a idonsa: kafin magani tabo ne kawai ba ciwo, bayan magani ga kumburi ga zugi, kowa ma zai zargi maganin. Amma irin wannan kumburi yana zuwa ga wanda bai taɓa shan magani ba, yana zuwa ga mai sha, yana zuwa har ga wanda ya gama shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Dainawa ba za ta sauke shi ba. Abin da za ta yi kawai shi ne ta bar 'yan ƙwayoyin da suka rage su sake hayayyafa.

Magunguna uku ne a cikin katin da ake ba shi. Rifamfisin, miligiram 600 sau ɗaya a wata, shi ne babban makashi, kuma shi ke sa fitsari ya yi ja a ranar da aka sha, wanda ba komai ba ne. Dafson, miligiram 100 kullum. Sai kulofazimin, miligiram 300 a ranar farko ta wata, da 50 a kowace rana. An haɗa su uku ne saboda darasin da aka koya da wahala. Shekaru da dama dafson kaɗai ake bayarwa, mutum ya yi ta sha shekara da shekaru, har ƙwayar ta saba da shi ta daina jin sa. Daga 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magungunan, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su a ko'ina a duniya. Wanda tabonsa bai wuce biyar ba wata 6 yake sha, wanda ya haura biyar ko jijiyarsa ta taɓu wata 12. Maigidanki kati 12 zai shanye, ya ci huɗu, saura takwas.

Duhun fatar kuwa aikin kulofazimin ne. Magani ne mai launi, yana taruwa a fata, ya fi taruwa a kan tabbunan, yana kuma busar da jiki. Ba alamar cutar na ƙaruwa ba ce. Idan ya gama sha launin zai riƙa washewa a hankali, cikin watanni, wani lokaci ya kai shekara ko fiye. Ya riƙa shafa mai saboda bushewar. Wannan duhu yana cikin abubuwan da suka fi sa mutane jefar da magani, saboda tambayar da ake yi musu a hanya, don haka ki taimaka masa da jin cewa ke kin san dalilinsa kuma bai dame ki ba. Akwai dai alamun da ke sa a tsayar da magani nan take a garzaya asibiti, kuma ya kamata ki san su: zazzaɓi tare da ƙuraje a duk jiki, fata tana saɓulewa, ido ya yi rawaya, ko jini ya ragu har numfashi ya riƙa yi masa wuya. Waɗannan na iya zama jiki ne ya ƙi dafson, kuma sun fi zuwa a makonnin farko. Ba su ne kika kwatanta ba.

Yanzu ga maganar Mama. Ina so ki riƙe a ranki cewa tsoro ne da ƙaunar jikokinta suka sa ta faɗi haka, kuma abin da ta faɗa shi ta taso ta ji. Kuturta ba gado ba ce. Manyan likitoci ma sun taɓa ɗauka gado ce, saboda suna ganin ta a gida ɗaya, uba da ɗa. A ƙasar Norway, likita Daniel Danielssen, wanda ya ƙare rayuwarsa kan wannan cuta, ya tsaya kan cewa gado ce. Surukinsa Gerhard Armauer Hansen ne ya ga ƙwayar da idonsa a madubin likita a 1873, a birnin Bergen, ya nuna cewa cuta ce da ake ɗauka kamar sauran cututtuka. Abin da ke ruɗar mutane shi ne jinkirinta. Yawancin bakteriya suna rabuwa biyu cikin mintoci ko 'yan awoyi, ita kuwa wannan sai ta yi kusan mako biyu kafin guda ta zama biyu. Daga shigarta jiki zuwa fitowar tabo na farko akan ɗauki kamar shekara biyar, wani lokaci har ashirin. Idan abu ya ɓulla bayan shekara goma, ba wanda zai tuna inda aka ɗauko shi, sai a ce jini ne, ko baki, ko sammu, ko alhakin wani. Maigidanki bai yi wani laifi da ya jawo masa wannan ba. Ya shaƙi numfashin wani mai cutar da ba ya kan magani, shekaru da suka wuce, ƙila tun kafin ku haɗu.

Ta hanci da baki take fita, cikin ɗigon atishawa da tari, kuma sai an yi zaman kusa na watanni da wanda bai fara magani ba. Duk da haka, kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ta ba tare da sun ma sani ba. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a kujera ɗaya, kuma ba ta bi ta ciki zuwa jariri. Abin da ya fi wannan duka muhimmanci a gidanki shi ne, shan rifamfisin na farko yana kashe kusan dukkan ƙwayoyin masu rai cikin 'yan kwanaki, daga nan mutum ya daina yaɗawa. Ki lissafa da kanki. Lokacin da yake iya sa muku cutar shi ne shekarun baya, lokacin da ba wanda ya san yana da ita, kuna ɗaki ɗaya, yara suna hawa jikinsa. Yau, wata huɗu cikin magani, ba shi da abin da zai sa wa kowa. Tafiya gida ba za ta goge zaman da aka riga aka yi ba, kuma ba ta kare yaran daga komai a yanzu. Mutanen da da suka riƙa nisantar masu wannan cuta ba su da magani a hannunsu. Ku kuna da shi a cikin ɗaki.

Ki mayar da kwanonsa cikin kwanukan gida yau. Zuciyarki da ta ƙi yarda gaskiya ta faɗa miki. Na yi shekaru ina zama da masu wannan cuta, kuma abin da suka fi ambata mini idan sun saki jiki ba zugin jijiya ba ne, ranar da aka ware musu kofi ce. Mutumin da ya ga matarsa tana ƙyamarsa yakan yanke ƙauna, wanda ya yanke ƙauna kuma shi ne ke ajiye magani. Ina zargin maganar dainawar nan da yake yi ba ciwon hannu kaɗai ke bayanta ba.

Ainihin abin da za ki yi wa yaran shi ne ki tafi da su, ke ma a duba ku. Za a duba fatarku daga sama har ƙasa a cikin haske, ana neman tabo mai haske ko ja-ja wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma idan an shafa auduga a kai mutum ba ya ji. Rashin jin nan shi ke raba shi da kyasfi da makero. Idan ba a ga komai ba, kuma ba alamar tarin fuka, ki tambaya ko suna ba da rifamfisin na rigakafi. Sha ɗaya ne tak, ana ba manya da yaran da suka kai shekara 2, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2018. Yana rage haɗarin kamuwa da fiye da rabi a shekaru biyun farko. Bai toshe ƙofa gaba ɗaya ba, don haka ki ci gaba da duba jikinsu lokacin wanka, kuma a mayar da su a sake dubawa duk shekara har shekara biyar. Idan ma wata rana kin ga tabo a jikin ɗayansu, kada gabanki ya faɗi. Yaron da aka kama da tabo ɗaya ko biyu wata shida zai sha magani ya warke, ba wanda zai taɓa sanin ya yi.

Saura maganar gutsurewar yatsu, wadda ita ce tushen duk tsoron da ake yi wa cutar nan. Kuturta ba ta cin nama, ba ta yanke yatsa. Abin da take yi shi ne ta kashe ji. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ya bi diddigin wannan ya nuna cewa raunukan da mutum ba ya ji su ne ke cinye hannu da ƙafa. Mai lafiya idan ya taɓa tukunya mai zafi zai fizge hannu kafin ya yi tunani. Wanda jinsa ya mutu sai ya ga fata ta tashi. Mai lafiya idan tsakuwa ta shiga takalminsa zai tsaya ya cire. Na taɓa duba wani bawan Allah da ya yini yana tafiya da ƙusa ta huda takalminsa, bai sani ba sai da ya ga jini da dare. Da safe ya sake taka ƙafar, tunda ba ta ciwo. Haka rauni ke zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, ƙashin ya ruɓe jiki ya tsotse shi a hankali, yatsa ya gajarce cikin shekaru. Duk wanda kika gani da dungu, labarinsa ke nan: an makara wajen gano cutar, jijiya ta mutu, sannan raunuka suka yi ta maimaituwa ba mai lura. A kowane mataki na wannan hanya ana iya tsayar da ita, kuma maigidanki yana matakin farko ne.

Ga aikin da za ku riƙa yi tare, kuma bai fi minti biyar ba. Sau ɗaya a mako ya rufe ido, ki ɗauki bakin biro ki taɓa tafin hannunsa a wurare daban-daban a hankali, ba dannawa ba, shi kuma ya nuna inda kika taɓa. Ki yi haka a tafin ƙafa. Ki sa takarda tsakanin ƙaramin yatsansa da na kusa da shi, ya matse, ki ja, ki kwatanta hannun dama da na hagu. Ya ɗaga babban yatsa sama ki danna ki ji ƙarfinsa. Ya ɗaga ƙafa daga idon sawu kina turawa ƙasa, domin jijiyar da ke gefen gwiwar ƙafa ma tana kamuwa, mutum ya fara jan ƙafa. Sannan ya rufe ido kamar mai barci ki duba ko akwai 'yar kafa da ta rage a buɗe. Wannan na ƙarshen kada ki raina shi, musamman idan tabo ya fito a fuska, domin idon da ba ya rufuwa yana bushewa ya yi rauni. Na nace kan wannan gwaji ne saboda jijiya tana iya mutuwa shiru ba tare da wani ciwo ba. A wannan karon zugi ya yi muku gargaɗi, wani karon ƙila ba zai yi ba. Duk sabon canji da kika gani, ko ƙuraje masu tauri da ciwo a ƙarƙashin fata tare da zazzaɓi, ko jan ido, a koma asibiti a makon, ko da ya riga ya gama magani.

Kafin jin yatsan ya dawo, ya ɗauki hannun nan a matsayin wanda ba ya iya kare kansa. Kada ya riƙe kofi mai zafi ko ya taɓa ƙarfen da ya sha rana sai da tsumma. Kayan aikin da yake riƙewa a naɗe musu mariƙi da ƙyalle mai laushi. Kowane dare ya duba hannu da ƙafa da idonsa, yana neman ja, ko bororo, ko tsagewa. Idan fatar ta bushe, ya jiƙa ta a ruwa kamar minti ashirin, ya goge kanta a hankali, ya shafa mai tun da sauran danshi. Idan an sami rauni, a wanke, a rufe, a hutar da wurin har ya warke, ko da ba ya jin komai.

Ita kuwa Mama, ban ga amfanin ki tsaya musu da ita ba. Gardamar 'ya da uwa ba kasafai take canja ra'ayi ba. Ki roƙe ta ta raka ku ranar da za a duba yaran, da izinin maigidanki, tunda sirrinsa ne kuma shi ke da ikon zaɓar wanda zai sani. Ta ga yadda ma'aikacin zai kama hannun surukinta da hannunsa yana lalubar jijiya ba tare da safar hannu ba, ta yi tambayoyinta da bakinta, ta ji amsa daga wanda ba 'yarta ba. Ki rubuta ranar da zugin ya fara a takarda, ki ɗauki katin maganinsa, ku je da sassafe. Allah ya ba shi lafiya, ki kuma sake rubuto mini bayan mako biyu in ji yadda yatsan yake.